Mahaɗa ko Zagaye: Hanyoyi Biyu na Warware Da'irar Lantarki

Duk wanda ya taɓa buɗe bayan rediyo ko amfilifaya ya ga taransisto, ɗan abin nan mai ƙafa uku. Aikinsa shi ne ɗan ƙaramin karant da ya shiga ƙafa ɗaya ya juya babban karant a wata ƙafar, wani lokaci ninki ɗari. Idan injiniya zai yi lissafinsa a takarda, sai ya zana alama mai siffar daiman a madadinsa, wadda ake kira tushe mai dogaro. Batir yana ba da boltej ɗinsa ba tare da ya tambayi kowa ba. Shi kuwa tushe mai dogaro kamar la'adar dillali yake, yawanta na bin yawan cinikin da aka yi. Ba za ka san ƙarfinsa ba sai ka san abin da ke gudana a wani sashe na da'irar, alhali shi ma yana da hannu a abin da ke gudana a can.

Hanyoyi biyu ake koya wa ɗalibai na warware irin wannan ƙulli, dukansu kuwa sun tsaya ne a kan dokoki biyu da Bajamushe Gustav Kirchhoff ya fitar a 1845. Ta farko ta ce duk karant da ya shiga mahaɗar wayoyi dole ya fita. A kanta aka gina hanyar mahaɗa, wadda ɗalibai ke kira nodal. Ta biyu ta ce idan ka zagaya da'ira ka dawo inda ka tashi, hawa da saukar boltej za su tashi babu. A kanta aka gina hanyar zagaye, wato mesh.

Mu ɗauki da'ira guda mu bi ta duka biyun. Ga batir mai bolt 10, ƙafarsa mara ƙarfi tana haɗe da wayar ƙasa. Daga ƙafarsa mai ƙarfi, rizisto mai om 2 ya kai mu wata mahaɗa, mu kira ta A. A nan hanya ta rabu biyu. Reshe ɗaya rizisto ne mai om 4 da ya sauka ƙasa kai tsaye, kuma karant ɗin da ke sauka ta cikinsa shi ne Ix. Ɗaya reshen rizisto ne mai om 1, sai tushe mai dogaro da ke ba da boltej 2Ix, ƙafarsa mai ƙarfi tana fuskantar riziston, ɗayar tana ƙasa.

A hanyar mahaɗa, abu ɗaya ne tak ba mu sani ba: boltej ɗin A, mu kira shi V. Kafin komai sai mu rubuta Ix da wannan V ɗin. Tunda V ne ke kan om 4, Ix = V/4, ke nan tushen yana ba da V/2. Yanzu sai mu ce abin da ya shigo A daidai yake da abin da ya fita:

```
(10 - V)/2 = V/4 + (V - V/2)/1
20 - 2V = 3V
V = 4
```

Shi ke nan. Amfiya 3 na fitowa daga batir, amfiya 1 na sauka ta om 4, tushen ya tsaya a bolt 2, sauran amfiya 2 suna bin om 1.

A hanyar zagaye, da'irar na da tagogi biyu, don haka karant biyu za mu nema: I1 a tagar hagu, I2 a ta dama, dukansu suna juyawa yadda hannun agogo ke yi. Rizisto mai om 4 shi ne katangar da tagogin suka yi tarayya a kai. I1 na sauka ta cikinsa, I2 na hawa, saboda haka Ix = I1 - I2. Idan aka zagaya kowace taga, aka sa wannan a gurbin Ix, aka tattara, ga abin da ke fitowa:

```
 6*I1 - 4*I2 = 10
-2*I1 + 3*I2 = 0
```

Layi na biyu ya nuna I1 ya kai I2 ɗaya da rabi. Aka sa a na farko, I2 ya fito 2, I1 ya fito 3. Amsar ba ta sauya ba, sai dai an yi aikin layi biyu inda ɗaya ya isa.

Akwai abin lura a layukan nan. Da babu tushe mai dogaro, da -4 ɗin da ke layin farko zai sake bayyana a farkon layi na biyu, domin rizisto guda ne ya haɗa tagogin. Ɗalibai da yawa sun saba da wannan daidaito har suna cike layukan da ido kawai. Tushe mai dogaro yana rushe shi: a nan -4 ya koma -2. Ba kuskure ba ne, kada a "gyara" shi.

Inda ake faɗuwa na gaskiya shi ne wajen rubuta Ix. Wanda ya juya shi ya rubuta I2 - I1 zai sami I2 kusan 3.33, I1 kusan 3.89, kuma lissafinsa zai tafi sumul ba tare da wata alamar matsala ba. Ana kama shi ne ta komawa kan zanen. Amfiya 3.89 a cikin om 2 ya bar bolt 2.22 kacal a A, kuma bolt 2.22 ba zai tura amfiya 3.33 ta cikin om 1 ba, balle ga tushe yana tokare shi. Gwajin da na fi amincewa da shi shi ne na wat. A amsar kirki batir na ba da wat 30. Om 2 ya ci 18, om 4 ya ci 4, om 1 ya ci 4, tushen kansa ya sha 4. Jimla 30 cif. A lura, sunansa tushe amma a nan karɓa yake yi, tunda karant na shiga ta ƙafarsa mai ƙarfi.

Ba koyaushe mahaɗa ke yin nasara cikin sauƙi haka ba. Ta yi nasara a nan ne saboda ƙafa ɗaya ta kowane tushen boltej tana ƙasa. Da tushen ya zauna tsakanin mahaɗa biyu da ba a san boltej ɗinsu ba, ba yadda za a rubuta karant ɗinsa kai tsaye, sai a kewaye mahaɗan biyu a ɗauke su kamar guda, a ƙara layin da ke faɗin bambancin boltej ɗinsu. Hanyar zagaye ma tana da irin wannan cikas idan tushen karant ya zauna a katangar tagogi biyu. Tana kuma da iyakar da mahaɗa ba ta da ita: ba ta aiki sai a da'irar da za a iya zanawa a takarda ba tare da waya ta haye waya ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa manhajoji irin su SPICE, wadda ta fito daga Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1973, suka dogara ga hanyar mahaɗa.

Ga mai riƙe da biro, shawarata ita ce ya ƙirga kafin ya fara: mahaɗa nawa ba a san boltej ɗinsu ba, tagogi nawa ba a san karant ɗinsu ba. Ya bi wadda ta fi kaɗan. Idan sun zo kunnen doki, ya dubi abin da ke juya tushen: in boltej ne, mahaɗa ta fi kusa, in karant ne, zagaye. Ko wacce ya ɗauka, ya rubuta layin Ix tun farko, yana duban kibiyar da ke kan zanen, kuma kada ya miƙa takarda sai ya yi gwajin wat.