An cire kuɗi sau biyu? Yadda mai asusu a Safana zai tantance kafin ya kai ƙorafi banki

A garuruwa irin su Safana, Runka da Batsari, rumfar mai POS ce bankin yawancin jama'a. Matsalar tsaro a ƙauyukan da ke bakin dajin Rugu ta sa mutane na gudun yawo da tsabar kuɗi, sannan ƙarancin takardun naira na farkon 2023 ya tura har waɗanda ba su so zuwa ga kati da tura kuɗi ta waya. Amma idan lissafi ya rikice, da yawa sai sun hau mota zuwa Dutsin-Ma ko Katsina kafin su zauna gaban ma'aikacin banki, kuma abin da suke riƙe da shi a matsayin hujja shi ne hoton da suka ɗauka daga fuskar waya.

Hoton nan shi kaɗai ba ya tabbatar da an cire kuɗi sau biyu. Layi biyu masu adadi ɗaya na iya zama kuskuren na'ura, na iya zama ciniki biyu na gaskiya, kuma na iya zama an riga an mayar da ɗaya a wani layi da hoton bai kamo ba.

A ɗauki misalin wani matashi mai sayen hatsi a Safana. Ranar Litinin, 14 ga Yuli, 2025, yana da naira 62,300 a asusunsa, sai abokin cinikinsa ya turo masa 85,000. Ya je wajen mai POS zai ciri 40,000, aka ɗora ladan 400. Karon farko na'ura ta daɗe tana juyi, daga bisani ta fito da rasit mai ɗauke da DECLINED, wato an ƙi. Aka sake sa katin, ya wuce, ya karɓi kuɗinsa. Da yamma ya tura wa ƙanensa 20,000. Kashegari manhajar banki ta nuna masa haka:

```
14-Jul NIP CR      85,000.00  147,300.00
14-Jul EMTL            50.00  147,250.00
14-Jul POS         40,400.00  106,850.00
14-Jul POS         40,400.00   66,450.00
14-Jul NIP DR      20,000.00   46,450.00
14-Jul CHG+VAT         26.88   46,423.12
15-Jul WEB          3,500.00   42,923.12
```

Ido yakan fara sauka kan adadin da aka cire, alhali jerin ƙarshe, na ragowar kuɗi, shi ne ke faɗin gaskiya. Wani lokaci alat ɗaya kan shigo waya sau biyu, musamman inda sabis ke ɗaukewa yana dawowa, ba tare da an taɓa asusun sau biyu ba. A irin wannan hali ragowar da ke cikin saƙonnin biyu iri ɗaya ce. A misalin nan kuwa, kuɗin ya sauko daga 147,250 zuwa 106,850, ya sake saukowa zuwa 66,450. Ke nan an ciri 80,800, shi kuma 40,000 kaɗai ya shiga hannunsa.

Kafin ya ɗaga murya, akwai sauran abu guda: ya duba layukan da suka biyo baya ko akwai shigar 40,400 mai alamar REV ko RVSL, wadda ke nufin an mayar. Sau da yawa mayarwar kan shigo shiru, babu alat. Shi ya sa hoton kwana ɗaya bai isa ba. A cikin manhaja ko ta imel ana iya neman cikakken bayanin asusu, daga kwana ɗaya kafin abin ya faru har zuwa ranar da ake ciki. Babban Bankin Najeriya, CBN, ya ƙayyade tun watan Yunin 2020 cewa a warware takaddamar cinikin POS ko na intanet cikin awa 72, cirar da ta gaza a na'urar ATM ta wani banki kuma cikin awa 48. Idan wa'adin ya wuce babu layin mayarwa, ƙorafi ya samu madafa.

Lambar da ke raba gardama

Kowane ciniki da kati yana da lambar shaida mai alƙaluma 12 da ake kira RRN. Tana jikin rasit ɗin POS, kuma yawancin manhajoji na nuna ta idan aka danna layin cinikin. A nan ne ake gane irin matsalar da aka faɗa ciki.

Idan layukan biyu suna ɗauke da RRN ɗaya, ciniki ɗaya ne aka rubuta sau biyu, kuma bankin mai asusu zai iya ganin hakan a littafinsa ba tare da tambayar kowa ba. Idan lambobin sun bambanta, kamar yadda za ta kasance ga matashin Safana, an sa kati sau biyu ne. A idon banki waɗannan ciniki biyu ne masu zaman kansu, don haka wanda ya je yana cewa "an cire mini sau biyu" na iya jin amsar cewa duka biyun sun wuce lafiya, a rufe maganar. Abin da ya dace ya faɗa daban ne: cinikin farko, mai lamba kaza, na'ura ta ce an ƙi shi, ba a ba shi kuɗi ba, amma an cire daga asusunsa. Da wannan ne bankinsa zai tuntuɓi kamfanin da ya ba mai POS na'ura, a tambaya ko kuɗin ya isa can.

Saboda haka rasit ɗin da aka ƙi ya fi na wanda ya wuce daraja, ko da yake shi ne aka fi yarwa a ƙasa. Rubutun irin wannan takarda kan goge idan ta sha zafi, don haka ɗaukar hotonta nan take ya fi adana ta a aljihu. Idan ta ɓace, mai POS na iya sake bugo ta ko ya nuna tarihin cinikin ranar a na'urarsa. Yawancin masu wannan sana'a ba su ga kuɗin da ya maƙale ba, kuma rigima da su ba ta dawo da shi. Amma idan tarihin na'urar ya nuna cinikin farko ya shiga asusun mai POS, to kuɗin na wurinsa, shi zai biya.

Idan matsalar ta tura kuɗi ce daga asusu zuwa asusu, lambar da ake nema ita ce Session ID mai alƙaluma 30.

Ƙananan kuɗaɗen da ba kuskure ba ne

Naira 50 mai alamar EMTL haraji ne na gwamnati a kan kuɗin da ya kai 10,000 ko fiye, kuma a 2025 wanda aka tura wa ne ke biya. Kamfanoni irin su OPay, PalmPay da Moniepoint sun fara cire shi a watan Disambar 2024. Daga Janairun 2026 sabuwar dokar haraji ta mayar da nauyinsa kan mai turawa. Ba aljihun banki yake tafiya ba. Ana raba shi ne tsakanin matakan gwamnati, don haka mai jin haushinsa da 'yan majalisa yake da magana, ba da ma'aikacin kanta ba.

Ita kuma 26.88 ladan turawa ce. Jadawalin cajin da CBN ya fitar, wanda ya fara aiki a Janairun 2020, ya sa naira 10 ga abin da bai wuce 5,000 ba, naira 25 har zuwa 50,000, sai naira 50 ga abin da ya haura haka, sannan a ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100 a kan ladan. Daga nan 10.75, 26.88 da 53.75 suka samo asali. Kuɗin alat kuma, wanda ya tashi daga naira 4 zuwa 6 kowane saƙo a watan Mayun 2025, akan tara shi a cire gaba ɗaya a wata, shi ya sa yake zuwa da adadin da ba a saba gani ba. Cusa waɗannan cikin ƙorafi na raunana shi. Sai dai idan an cire EMTL sau biyu a kan kuɗi ɗaya, ko a kan abin da bai kai 10,000 ba, wannan kam abin nema ne.

Layin da ba a gane ba

Naira 3,500 mai alamar WEB ta fi ƙanƙanta amma ta fi 40,400 haɗari, domin tana nufin an yi amfani da lambobin katin a intanet, kuma abin da aka yi sau ɗaya ana iya maimaitawa. Sunan da ke jikin irin wannan layi sau da yawa na kamfanin da ya sarrafa biyan ne, kamar Paystack, Flutterwave ko Interswitch, ba na shagon da aka yi sayayya ba. Don haka mai asusu zai fara tambayar kansa ko ya taɓa sa katinsa a manhajar bashi, ko wajen rajistar makaranta, ko wani abu mai sabunta kansa duk wata, ko kuma ya ba wani ɗan gida aron katin. Idan babu ko ɗaya, toshe katin ne kan gaba, ta manhaja ko lambar gaggawa ta bankin, kafin ma a rubuta ƙorafi. Wannan kuma ƙorafi ne na daban, na cinikin da ba a ba da izini ba. Haɗa shi da na POS a takarda ɗaya kan sa a amsa ɗaya a manta ɗaya.

Takardar matashin kan batun POS ba ta buƙatar wuce rabin shafi. Za ta ƙunshi sunansa da lambar asusu, ranar 14 ga Yuli da lokacin da ke jikin rasit, adadin 40,400, lambar RRN ta cinikin da aka ƙi da ta wanda ya wuce, da lambar na'urar, wato Terminal ID. Sai jimla ɗaya kan abin da ya faru, da ɗaya kan abin da yake nema: a mayar da 40,400. Zai haɗa hoton rasit biyun da cikakken bayanin asusu da ke nuna babu mayarwa. Ba a buƙatar PIN, ko lambar sirri da ake turowa ta saƙo, ko alƙaluma uku na bayan kati. Duk wanda ya nemi waɗannan da sunan banki ɓarawo ne. Masu wallafa hoton asusunsu a Facebook ko X don kunyata banki su ne shafukan bogi ke fara bi da tayin taimako.

Ko a reshe aka kai ƙorafin, ko ta imel, ko ta waya, kada a bari sai an karɓi lambar bin sawun ƙorafi, domin ita ce shaidar ranar da aka fara ƙirga wa banki kwanaki. Idan mako biyu suka cika ba a warware ba, ko kwana 30 idan batun cajin da ya wuce ƙa'ida ne, mai asusu na da damar rubuta wa Sashen Kare Haƙƙin Abokan Hulɗa na CBN ta cpd@cbn.gov.ng, ko ya kai takardar reshen CBN da ke birnin Katsina. Sashen zai nemi shaidar cewa an fara kai kuka ga bankin, don haka wannan lambar da kwafin takardar farko su ne za su hau saman sabuwar wasiƙar.