Haya ko saye: yadda ake auna kuɗin motar kai kaya

Mu ɗauki wani kamfanin burodi a Kano da ke son ƙara mota ɗaya ta rarraba kaya ga shaguna. Dillali ya ce motar naira miliyan 20 ce, kuɗi hannu. Wani kamfanin bayar da hayar motoci kuma ya ce zai ba da irin wannan motar na tsawon shekara huɗu a kan miliyan 7 duk shekara, ana biya a farkon shekara, gyara da inshora a wuyansa, in wa'adi ya cika ya karɓi abarsa. Alƙaluman nan misali ne kawai, amma hanyar lissafin ita ce akantoci ke bi.

Mai kamfanin zai fara da lissafin da kowa zai yi a ka. Haya miliyan 7 sau huɗu, miliyan 28 ke nan, kuma a ƙarshe ba shi da ko taya. In ya saya, zai biya miliyan 20, ya kashe kamar miliyan 2 duk shekara wajen sabis da gyara da inshora, wato miliyan 8, sannan bayan shekara huɗu ya sayar da motar a kan miliyan 8. Abin da ya fita daga aljihunsa miliyan 20 ne. Tazarar miliyan 8 ce tsakanin biyun, don haka sai ya ce maganar haya ma ba ta taso ba.

Wannan lissafin ya bar abu biyu a baya: lokacin da kowane kuɗi ke fita ko shigowa, da kuma haraji.

Naira 100 ta yau ta fi naira 100 ta baɗi, ko da farashin kaya bai tashi ba, domin wadda ke hannu yau ana iya juya ta. Idan kuɗi na kawo kashi 20 cikin 100 a shekara, naira 100 ta yau za ta zama 120 baɗi. In aka juya maganar, duk kuɗin da za a biya baɗi sai a raba shi da 1.2 a ga darajarsa ta yau. Na shekara biyu a raba sau biyu, haka har zuwa huɗu. A wannan ma'auni, naira ɗaya ta baɗi kobo 83 ce a yau, ta shekara biyu kobo 69, ta shekara uku kobo 58, ta shekara huɗu kuwa kobo 48 kacal. Wato miliyan 8 ɗin da ake sa ran samu in an sayar da motar ba ta kai rabin sunanta ba idan aka dawo da ita yau. Miliyan 20 ɗin saye kuwa nan take ake zube ta, ba ta da ragi ko na sisi.

Daga ina kashi 20 ɗin ya fito? Ba zaɓen son rai ba ne. Haya irin wannan tana maye gurbin bashi ne, domin wanda ya yi haya ya huta da neman miliyan 20 a banki. Saboda haka ana auna ta da tsadar bashin da kamfanin zai iya samu. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27 da rabi, bankunan kasuwanci kuma sama da haka suke ba ƴan kasuwa. Mu ce kamfanin namu zai samu a kan kashi 28 da rabi. Kuɗin ruwan bashin kasuwanci ana cire shi daga riba kafin a yanka haraji, kuma manyan kamfanoni a Nijeriya kashi 30 cikin 100 suke biya. Kenan cikin kowace naira 100 ta kuɗin ruwa, naira 70 ce ke cin kamfanin da gaske. Kashi 70 cikin 100 na 28 da rabi shi ne kusan 20.

Mai karatu da ba ya mu'amala da bashin ruwa kada ya ce wannan ba nasa ba ne. Adadin ma'auni ne kawai na tsadar kuɗi a wurinsa. Zai iya sa ribar da bankin Musulunci, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, zai ɗora masa in ya sayo masa motar ta hanyar murabaha. Ijara ma da irin waɗannan bankuna ke yi ana iya auna ta da wannan lissafin ba tare da an canza komai ba.

To, mu koma kan motar, mu fara da haya. Miliyan 7 ta farko yau ake biya, tana nan miliyan 7. Ta biyu ta koma miliyan 5.83, ta uku miliyan 4.86, ta huɗu miliyan 4.05. Jimla miliyan 21.75 maimakon 28. Sannan kuɗin haya kashewa ce ta kasuwanci, ana cire ta daga riba, don haka kowace miliyan 7 tana rage wa kamfanin harajin miliyan 2.1. Wannan sauƙin ba ya zuwa sai ƙarshen shekara, lokacin lissafin haraji. In aka dawo da na shekaru huɗun zuwa yau, ya kama miliyan 5.44. A cire shi daga 21.75, tsadar haya ta gaskiya ta zama miliyan 16.31.

Ɓangaren saye ya fi rassa. Hukumar haraji ba ta yarda a cire miliyan 20 ɗin daga ribar shekara guda ba, tunda mota kadara ce da za ta yi shekaru tana aiki. Abin da doka ta yarda shi ne a riƙa cire wani kaso duk shekara. A misalinmu mun ɗauki kashi 25 cikin 100, wato miliyan 5 a shekara har sau huɗu, kowace na rage harajin miliyan 1.5. Darajar waɗannan a yau miliyan 3.88 ce. Gyara da inshora na miliyan 2 su ma ana cire su daga riba, sai su koma miliyan 1.4 a shekara, darajarsu a yau miliyan 3.62.

Saura kuɗin sayar da motar, kuma nan ne mutane suka fi tuntuɓe. Tunda an riga an cire kuɗin motar gaba ɗaya daga riba cikin shekaru huɗun, a littafin haraji ba ta da sauran daraja. In aka sayar da ita miliyan 8, hukuma za ta ce ashe sauƙin da aka ba ka ya wuce asarar da ka yi, sai ta yanki harajinta a kan kuɗin. Abin da zai rage miliyan 5.6 ne, kuma sai bayan shekara huɗu. A kuɗin yau miliyan 2.70 ke nan. Yanzu a haɗa: miliyan 20, a cire 3.88, a ƙara 3.62, a cire 2.70. Tsadar saye ta tsaya a miliyan 17.04.

Hayar da lissafin ka ya nuna ta fi tsada da miliyan 8, sai ga shi ta fi araha da kusan naira 730,000. Za a lura ba mu sa mai da albashin direba ba. Ko haya ko saye su ɗaya ne, sa su ba zai canza tazarar ba. Haka kuma ba mu sa kuɗin ruwan bashin a jerin kashe-kashen saye ba, domin yana cikin kashi 20 ɗin da muka yi rabo da shi. Wanda ya sa shi a jeri kuma ya sake yin rabon ya ƙirga shi sau biyu, kuma wannan kuskure kullum haya yake yi wa alfarma.

Sai dai ni ba zan sa hannu a takarda saboda ratar naira 730,000 a kan cinikin miliyan 17 ba, sai na girgiza alƙaluman na ga wanne ne ke riƙe da hukuncin. A nan guda biyu ne.

Na farko shi ne farashin da motar za ta yi bayan shekara huɗu, wanda hasashe ne tsantsa. Kowace miliyan ɗaya da aka ƙara a kansa tana rage tsadar saye da kusan naira 338,000. Da zarar farashin ya haura miliyan 10.2, saye ya wuce gaba. In ya kai miliyan 12, tsadar saye ta sauko miliyan 15.69. A ƙasar da kuɗinta ke zaune lafiya, mota mai shekara huɗu tana jigilar kaya ba za ta riƙe kashi 60 cikin 100 na farashinta ba. A Nijeriya kuwa motoci da kayan gyaransu dala suke bi. Bayan an saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 zuwa sama da 1,500 a 2024, kuma farashin tsofaffin motoci ya bi ta. Wanda ya mallaki mota shi ke cin wannan tashin. Wanda ya yi haya kamfanin hayar ya bar wa.

Na biyu shi ne ma'aunin kansa. In kamfani na da kuɗi a ajiye da ba su kawo masa fiye da kashi 10 cikin 100 bayan haraji, lissafin ya kife: saye miliyan 15.86, haya miliyan 17.75. Mota ɗaya, tayi ɗaya, amma amsar mai kuɗi a ƙasa daban da ta mai neman bashi.

Akwai kuma wanda harajin bai shafa ba. Doka ta yafe wa ƙananan kamfanoni harajin riba, kamfanin da ke faɗuwa ma ba shi da ribar da za a cire wa komai a wannan shekarar. Irin wannan sai ya goge duk layukan sauƙin haraji, ya yi rabo da cikakken kashi 28 da rabi. A misalinmu saye zai kama miliyan 21.5, haya kusan miliyan 20. Dokar harajin Nijeriya ta samu sabon zubi a 2025, don haka kason da ake cirewa kan mota da iyakar da ke raba ƙaramin kamfani da babba abubuwa ne da akanta zai duba a dokar da ke aiki ranar da ake lissafin.

Duk wannan ya rataya ne a kan cewa hayar haya ce ta gaskiya, wadda mai mota ke ɗauke da gyara ya kuma karɓi motarsa a ƙarshe. Akwai wata iri wadda a zahiri sayarwa ce a biya kaɗan-kaɗan: gyara na kanka, ba ka da ikon fasawa, in ka gama biya motar ta zama taka ko ka cike ɗan abin da ya rage. A irin wannan, mai amfani da motar ne ke cin ragin da ake yi kan kadara, kuma ba duk abin da yake biya ake cirewa daga riba ba, sai ɓangaren da ke matsayin tsadar kuɗin. Sunan da aka rubuta a saman takarda ba ya raba gardama, sai an karanta sharuɗɗan.

Cikin sharuɗɗan, wanda ya fi haɗari ga lissafinmu shi ne ikon ƙara kuɗin haya in dala ta tashi ko farashi ya hau. Mun gina komai a kan miliyan 7 da ba ta motsi. Kowace naira da aka ƙara a kuɗin hayar shekara tana ƙara naira 2.33 a tsadar haya ta yau, don haka da zarar ta kai miliyan 7.31, fifikon da haya ke da shi ya ƙare. Ƙarin da bai kai kashi 5 cikin 100 ba ke nan. A duba kuma iyakar kilomitar da aka yarda motar ta yi a shekara da tarar da ke kan wuce ta, da kuɗin ajiya da ake riƙewa tun farko, da abin da za a biya in an mayar da motar kafin wa'adi. Kowanne daga cikinsu ana sa shi a shekarar da zai faɗo, a cire harajinsa, a raba shi da 1.2 sau adadin shekarun, a ƙara a kan miliyan 16.31 ɗin.