Idan Maigida Ya Ce "A Ɗan Ƙara Mana": Yadda Mai Sana'a Zai Nemi Kuɗin Ƙarin Aiki

Yawancin rigimar da ake yi tsakanin mai gini da ma'aikacinsa ba a kan asalin jinga take tashi ba. A kan ƙananan buƙatun da ke shigowa a tsakiyar aiki take tashi, irin waɗanda ake farawa da "ai ɗan abu ne". Ma'aikaci ya ji nauyi ya yi shiru, ya yi aikin yana ƙunƙuni a ciki. Ranar biya ya kawo lissafin da maigida bai taɓa jin labarinsa ba, shi kuma ya ce ai ya ɗauka duk a ciki yake. A nan kowa yana da gaskiyarsa, amma laifin farko na wanda ya yi shiru ne, domin shi ya san abin da aikin zai ci.

Mu ɗauki misalin mai wayarin. A ce an yi jinga da shi zai ja wutar gida mai ɗaki uku da falo, wurare 40 tsakanin fitilu, fankoki da soket, a kan kuɗin hannu naira 300,000, kaya na maigida, aiki cikin mako uku. Ya binne fayif a bango, magini ya yi filasta, an zura waya, saura fenti. Sai Alhaji ya zo zagaye wata yamma ya ce a ƙara masa wurin esi a ɗaki biyu, da hita a banɗakinsa.

A idon Alhaji wurare uku ne kawai a kan 40. A idon mai wayarin wani aiki ne sabo. Wayar fitila milimita 1.5 ce, ta soket 2.5, amma esi da hita an saba ja wa kowanne layinsa tun daga akwatin rarraba wuta, da waya milimita 4, da makunni mai ɗaukar am 20, da birekarsa ta daban. Ba a bar musu fayif ba, don haka sai an sassaƙe filastar da aka gama, a binne sabo, a sake kiran magini ya like, a jira ya bushe kafin mai fenti ya shiga. Idan kuma akwatin mai gurbi 12 ne, an riga an cike 11, to layi uku ba su da wurin zama, sai an ƙara wani ƙaramin akwati. Tun ran gini ran zane: da an faɗa kafin filasta, da rabin wahalar nan babu.

Ga abin da kunya ke jawowa. Ma'aikacin da ya kasa neman kuɗi, kuma ba ya son asara, yakan bi gajeriyar hanya, ya jona esin a layin soket mafi kusa. Sai a ɗora wa layin nauyin da ba don shi aka ja shi ba. Bireka ta riƙa faɗuwa duk lokacin da aka haɗa da dutsen guga, bakin soket ya yi baƙi, wani lokaci har a ji ƙauri. Maigida bai biya ba, amma bai tsira ba.

To yaya za a gane abin da ya fita daga jinga? Mai tumatir yana ba da gyara, kuma mai sana'a ma ya kamata ya bayar: matsar da makunni ɗan taƙi kafin filasta, ko ɗaura ƙwan fitila ɗaya a zaure, bai kai a buɗe littafi ba. Amma duk buƙatar da za ta sa a sayi sabon kaya, ko ta ƙara kwana, ko ta sa a fasa abin da aka gama, ta wuce gyara. Akwai kuma abin da ba ƙari ba ne ko da ya ci kwana biyu. Idan kai ka manta soket ɗin kicin da aka lissafa, ko ka jona waya ba daidai ba, gyaransa a wuyanka yake. Haka wayar ƙasa mai kare mutane daga jan wuta: ko ba a ambace ta ba, wayarin bai cika ba sai da ita. Wanda ya nemi kuɗi a kan irin waɗannan shi ke ɓata wa sauran masu sana'a suna.

Lokacin magana shi ne nan take, kafin guduma ta taɓa bango. Kuma kada a fara da "ba ya cikin aikina", domin mai kuɗi zai ji kamar an rufe masa ƙofa a gidansa. Ga yadda wayayyen ma'aikaci zai ce:

"Ranka ya daɗe, za a iya, kuma gara yanzu kafin fenti. Sai dai jingarmu ta wurare 40 ce, waɗannan ukun ba su ciki. Kowanne sai an ja masa layinsa daga akwati, an fasa bango. Ka ba ni zuwa gobe da safe in auna, in kawo maka lissafi, sai ka ga abin da ya dace."

Neman zuwa gobe ba jan rai ba ne. Farashin da aka yanke a tsaye gaban maigida kusan kullum yakan gaza, domin ba a auna nisan waya ba, ba a buɗe akwati an duba ba.

Washegari ya zo da takarda. Layi uku a kan naira 15,000 kowanne, 45,000 ke nan. Ɗaura ƙaramin akwati, 15,000. Jimillar kuɗin hannu 60,000, ƙarin kwana huɗu, jerin kayan da za a saya daban, ladan magini daban. Alhaji zai iya cewa ai tun farko 7,500 kowane wuri ya kama, me ya sa yanzu ninki? Amsar tana hannu: wancan farashin na bangon da ba a yi wa filasta ba ne, kuma soket da yawa layi ɗaya suke bi.

Sannan a ba shi zaɓi, don kada ya ji an tsare shi. Idan aljihu bai shirya ba, a binne fayif kawai yanzu a kan 25,000, a zura waya duk ranar da aka sayi esin. Idan ba ya son a taɓa filasta, a bi saman bango da murfin roba, ya fi sauƙi amma yana rage wa ɗaki kyau. Ko kuma a bar maganar, a ƙarasa jingar farko yadda take. Ni a ganina binne fayif ya fi, domin fasa bango bayan fenti ya fi komai ciwo.

Abin da ya zaɓa a rubuta shi, ko da saƙon WhatsApp ne mai ɗauke da aikin, kuɗin da kwanakin, ya amsa da "na yarda". A karɓi kafin alƙalami na ƙarin, kuma kada a cakuɗa shi da cikon tsohuwar jinga. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, domin malaman fiƙihu sun sharɗanta a san aiki a san lada kafin a ƙulla ijara.

A kula kuma da bakin da buƙatar ta fito. Sau da yawa Hajiya ce ko babban ɗa zai ce a ƙara kaza, alhali Alhaji ke biya. A amsa da ladabi: "To Hajiya, zan rubuta, in Alhaji ya amince yau ɗin nan za a fara."

Idan maigida ya dage cewa lallai a yi kyauta, kada ka ajiye kayan aiki ka yi fushi. Ka ƙarasa wurare 40 ɗin da ka ɗauka, ka gwada masa su ɗaya bayan ɗaya, ka karɓi cikonka. Kai kuma mai gini, idan ma'aikacinka ya kawo maka lissafin ƙari kafin ya fara, ka karanta ka yi ciniki, domin wanda ya ce "ba komai" shi ne zai jona maka esi a layin soket.