Amsa daidai, maki kaɗan: ina matsalar take?

Iyaye kan tambaye mu: yaro ya samo amsa daidai a jarrabawar lissafi ta BEPC, don mi makinsa ya yi ƙasa? Dalili shi ne, makin kowace tambaya rarrabe yake bisa matakan aiki.

Ga misali. Garka ce mai tsawon mita 40, faɗi mita 25. Za a kewaye ta da waya, kowace mita jaka 1. A ce tambayar maki 3 ce: 1 na sanin a haɗa tsawo da faɗi a ninka biyu, 1 na samo mita 130, 1 na kuɗin, jaka 130.

Wanda ya rubuta "jaka 130" kaɗai, da wuya ya wuce maki 1, don mai gyara bai san ko leƙen maƙwabci ya yi ba. Wanda ya nuna hanya amma ya kuskure ya samu 120, makin hanyar na nan, ba zai tashi a tutar babu ba.

Saboda haka ku faɗa wa yara: aikin da suka yi a takardar gwaji, su kwafe shi cikin wadda za su miƙa. Ita kaɗai ake gyarawa.