Jadawali Ɗaya Don Rigakafin Yaro

Yau bayaninmu a kan yadda ake tattara shaidar rigakafin yaro ne, wadda sau da yawa takan warwatsu tsakanin katin asibitin da aka haife shi da takardar wani asibitin da aka kai shi bayan ƙaura, a mai da ita jadawali guda wanda duk malamin asibitin da ya duba zai fahimci abin da aka yi da abin da ya saura.

A ja layi a raba takarda gida huɗu: sunan allura, lokacin da ƙa'ida ta ajiye mata, ranar da aka yi ta haƙiƙatan, da ranar da za a koma. Lokutan, bisa tsarin Nijeriya, su ne ranar haihuwa, mako 6, mako 10, mako 14, wata 9 da wata 15. Abin da aka yi a rubuta shi da biro, abin da ake jira kuwa da fensir, domin hisabinsa yana iya sauyawa.

Mu ɗauki misalin yarinya da aka haifa ran 3 ga Maris, aka yi mata allurar tarin fuka da ta ciwon hanta da ɗigon shan-inna, sa'an nan ta karɓi kashin farko na allurar nan mai kare cuta biyar, wadda kati ke kira Penta, ran 14 ga Afrilu. Kashi na biyu haƙƙinsa 12 ga Mayu, amma saboda tafiya bai samu ba sai 16 ga Yuni. To, a nan ne akan yi kuskure, domin wanda ya ƙirga daga haihuwa zai ga wa'adin kashi na uku, 9 ga Yuni, ya riga ya wuce, har ya nemi a yi shi nan take, alhali sharaɗi ne a bar aƙalla mako 4 tsakanin kashi da kashi. Saboda haka 14 ga Yuli za a rubuta. Jinkirin nan kuma bai wajabta komawa farko ba, daga inda aka tsaya ake ɗorawa. Amma ƙyanda da shawara da sanƙarau daga haihuwa ake lissafa su, watau a wata 9, ran 3 ga Disamba.

Sai a yi hattara da hujja. Ɗigon shan-inna da ake bi gida-gida ana bayarwa, a shafa wa yaro alama a yatsa, ƙari ne, ba ya cike gurbin na asibiti, don haka a rubuta shi a gefe. Wanda kuwa uwa ta ce an yi amma babu takarda, kada a ƙaga masa rana. A bar gidan fanko, a je asibitin da aka yi a nemi su duba babban littafin rajistarsu.