Wasiƙar da Ta Ƙi Tsayawa: Abin da Ke Sa Imel Kai-Komo Ba Iyaka

Ma'aikaci ya tafi hutun sallah, ya saita imel ɗinsa ya riƙa amsa wa kowa cewa ba ya nan. Can sai wani kamfani ya aiko masa da saƙo daga akwatin karɓar ƙorafi, wanda shi ma an saita shi ya gode wa duk wanda ya rubuto. Amsar hutu ta tafi, godiya ta dawo, amsar hutu ta sake tafiya. In kowane zagaye na cin minti ɗaya, kafin gobe war haka saƙo 1,440 sun taru a kowane ɓangare, kuma babu mutum ko ɗaya da ya taɓa madanni.

Irin wannan kai-komo kashi biyu ne, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

Na farko shi ne na turawa. Mutum ya saita tsohon adireshinsa ya riƙa miƙa komai ga sabo, ya manta cewa sabon ma yana miƙa wa tsohon. A nan wasiƙa ɗaya ce ke yawo, kuma duk na'urar da ta bi ta kanta sai ta ƙara mata layin `Received`, kamar yadda gidan waya ke buga hatimi a ambulan. Wannan ne ke kashe ta. Manhajar Postfix, bisa saitinta na asali, tana ƙin wasiƙar da layukan nan suka haura 50, sai ta koma wa mai ita da bayanin kuskure. Duk wanda ya ga lambar `5.4.6` ko `5.4.14` a irin wannan bayani, to ya duba ƙa'idojin turawa na akwatunan biyu, ya goge ɗaya.

Na biyun ya fi ɓarna, domin kowace amsa sabuwar wasiƙa ce fil, ƙirga yana komawa farko. Saboda haka ne ƙa'idar RFC 3834 ta shekarar 2004 ta nemi kowace amsar na'ura ta bayyana kanta da wannan layi:

```
Auto-Submitted: auto-replied
```

Na'urar da ta ga layin ba ta da hurumin mayar da martani. Kariya ta biyu ita ce tuna wanda aka riga aka amsa wa. Gmail ba ya sake tura wa mutum ɗaya amsar hutu sai bayan kwana 4, tsohuwar manhajar `vacation` kuwa mako guda take jira. Matsalar ta fi fitowa daga ƙa'idar da mutum ya haɗa da hannunsa, wadda ke amsa kowane saƙo ba tare da tuna kowa ba.

In abin ya riga ya kama, a fara kashe amsar a ɓangare ɗaya, nan take zai tsaya, sannan a share tarin saƙonnin. Mai tafiya hutu kuma ya yi amfani da saitin hutun da ke cikin manhajar imel ɗinsa, ya sa ranar ƙarewa, ya gwada daga wani adireshi kafin ya rufe ofis.