Abin da kunnen mai jarrabawar Turancin baka ke nema

A jarrabawar IELTS, wadda masu neman karatu ko aiki a Birtaniya da Kanada ke yi, ana zama gaba da gaba da mai jarrabawa na minti 11 zuwa 14. Abu huɗu yake ba wa maki, kowanne da kaso daidai, kuma furuci na cikinsu. Ɗalibai da yawa a Kano da Kaduna kan ƙare ƙarfinsu wajen raba "p" da "f". Gyaran yana da kyau, amma ba a nan kaɗai maki ke zubewa ba. Ba a kuma rage wa mutum maki don an ji Bahaushe ne, muddin ana fahimtarsa ba da wahala ba. Abin da ke gajiyar da kunne shi ne magana mai fitowa gaɓa-gaɓa, duk nauyinsu ɗaya.

Hausa da karin sauti da tsawon wasali take aiki. Kukan yaro da kukar miya hawa da saukar murya ne ke raba su, kuma kowace gaɓa ana ba ta haƙƙinta. Turanci ba ya wannan adalcin. Gaɓa ɗaya ake zaɓa a kalma a ƙara mata tsawo da ƙarfi, sauran a danne su har wasalinsu ya koma wani ɗan gajeren "a" maras ƙarfi. Bari mu rubuta misalan yadda kunne ke jin su, manyan baƙaƙe na nuna inda nauyin yake. Hoto a Turanci FO-ta-graf ne, mai ɗaukar hoto kuwa fa-TO-gra-fa. Nauyin ya matsa gaba, wasulan ma sun canza tare da shi. Wanda ya ce fo-to-gra-fa, kowane wasali a cike, bai yi kuskuren baƙi ko ɗaya ba, amma sai mai sauraro ya ɗan tsaya kafin ya gane. Wani lokaci ma'anar ce ke juyewa: sha biyar fif-TIN ne, hamsin FIF-ti. Don haka duk sabuwar kalma a haddace ta da nauyinta. Ƙamus kan sa ɗan tsayayyen layi a sama kafin gaɓar.

Haka abin yake a jimla. Suna da aikatau da sifa su ke ɗaukar nauyi, ƙananan kalmomin da ke tsakaninsu a wuce su da gudu. Kofin shayi kalma uku ne a rubuce, a baki kuwa KA-pa-TI.

Inda Bahaushe ya fi shan wahala, a ganina, shi ne haɗa kalma da kalma, kuma dalilin yana cikin harshenmu. Babu kalmar Hausa da ke farawa da wasali tsura. A faɗi "aiki" ko "ido" a hankali, za a ji maƙogwaro ya rufe kafin wasalin ya fito. Hamza ce, ba ma rubuta ta a farkon kalma ne kawai. Ita muke kwashewa mu kai Turanci. A ce mai jarrabawa ya tambayi sana'arka, kana so ka ce a ofis kake aiki. Kalmomin biyar ne: ay, wak, in, an, ofis. Ukun ƙarshe duk da wasali suka fara, don haka Bahaushe zai tsinke numfashi sau uku a jere. Mai harshen kuwa zai ɗauki baƙin ƙarshen kowace kalma ya jingina shi da wasalin da ke biye: ay-WA-ki-na-NO-fis. Nauyi biyu, babu yankewa ko ɗaya. Abin mamaki, gaɓoɓin da suka fito, ki, na, no, irin namu ne sak, baƙi da wasali. Harshenmu ya riga ya iya su, hamzar ce kawai za a sauke.

Akwai kuma ɗabi'ar cusa wasali tsakanin baƙaƙe, wadda ta ba mu burodi da fulawa. A Hausa daidai ne. A Turanci kowane ƙarin wasali ƙarin gaɓa ne, sai amon jimlar ya karye.

Kada a ɗauka haɗa kalmomi sauri ne. Mai sauri da ke ba kowace gaɓa nauyi ɗaya ya fi wuyar fahimta. A kashi na biyu na jarrabawar ana ba da minti ɗaya na shiri, sannan a yi magana har minti biyu. A gwada wannan a gida, a naɗi muryar a waya. Wajen saurare a riƙa buga tebur a kan kowace gaɓa mai nauyi. In hannu yana bugu a kowace gaɓa, ba a fara danne ƙananan kalmomi ba tukuna. Sai a rubuta jimla uku daga ciki, a ja layi daga baƙin ƙarshe zuwa wasalin da ke biye, a sake naɗa.